Tahoua: abin da ke jiran ma'aikacin da ya tsira bayan an rage ma'aikata

A unguwannin Tahoua da ƙungiyoyin agaji suka saba kama hayar gidaje, ba sai an tambaya ba ake gane inda aka rage ma'aikata. Motocin da ke ƙofar gida sun ragu, mai gadi ɗaya ya maye gurbin biyu, kuma fitilar ofis tana kunne har bayan sallar isha'i. Wanda ke ƙarƙashin wannan fitila, mutanen gari suna kiran sa mai sa'a, tunda sunansa bai fito a jerin waɗanda aka sallama ba. Shi kuwa ya san cewa tun ranar da abokan aikinsa suka kwashe kayansu bai sake yin barci mai nauyi ba.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kawo wannan hali. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wasu ƙasashen Turai sun dakatar da wani ɓangare na tallafin da suke bai wa Nijar. A watan Nuwamban 2024 hukumomi suka janye izinin aiki na ƙungiyar Acted ta Faransa da ƙungiyar APBE ta cikin gida, a watan Fabrairun 2025 kuma aka umurci ƙungiyar CICR ta rufe ofisoshinta. Sai babbar girgiza ta zo daga waje: ranar 20 ga Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90, a watan Maris gwamnatinsa ta sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan hukumar USAID, kuma ranar 1 ga Yuli hukumar ta daina aiki. Ƙungiyoyin da ba a rufe ba sun tsuke bakin aljihu, kuma wurin da aka fi saurin yankewa shi ne albashi.

Sai dai aikin bai ragu tare da kuɗin ba. Ƴan gudun hijirar Mali da mutanen da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a yankunan Tillia da Tassara suna nan. Yaran da tamowa ke kamawa a lokacin bazara da farkon damina a ƙauyukan Keita, Takanamat da Tabalak ba su san an soke wani kasafi a Washington ba. Abin da mutum uku suke yi, yanzu mutum ɗaya ake jira ya yi.

Ciwon da ke da suna

Masana harkar ƙwadago sun daɗe da lura da wannan hali. Wani Ba'amurke mai suna David Noer ya wallafa littafi a kansa a 1993, inda ya kira shi ciwon waɗanda suka tsira daga kora. Alamominsa uku ne da ke tafiya tare: nauyin aiki, jin kunya ko laifi game da waɗanda suka tafi, da fargabar cewa gobe kai ne. Ba zancen zuciya kaɗai ba ne. A ƙasar Finland an bi diddigin ma'aikatan ƙananan hukumomi sama da dubu 22 bayan matsin tattalin arzikin farkon shekarun 1990. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa a wuraren da aka yi babban ragi, mutuwa ta ciwon zuciya a cikin waɗanda suka ci gaba da aiki ta kai ninki biyu na wuraren da ba a rage kowa ba.

Waɗannan alamomi uku ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ɗaya ce ke ciyar da sauran. Tsoro ne ke sa ma'aikaci ya karɓi duk abin da aka ɗora masa ba tare da ya ce uffan ba. Kunya ce ke rufe masa baki, domin yaya zai yi kukan yawan aiki alhali maƙwabcinsa ba shi da aikin ma? A haka nauyin ke taruwa, babu takarda, babu lissafi, har ya kai ga kuskuren da zai iya zama dalilin korar da ake gudu.

A ɗauki misali da ma'aikaciya mai kula da magaza a wata ƙungiya a Tahoua, misalin da duk wanda ya san irin waɗannan ofisoshi zai gane. Kafin ragi su uku ne: ita tana riƙe da magaza, wani yana sayen kaya, wani yana tsara fitar motoci. An sallami biyun. Shugaban ofis ya kira ta ya ce ta riƙa duba sauran kafin a ga abin da hali zai yi. Ba a rubuta komai ba. Yanzu tana shiga ƙarfe bakwai da rabi ta fita bayan magariba, Asabar ma tana zuwa. Idan ta ƙirga, tana yin awa 55 a mako.

Dokar ƙwadago ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012, ta tsayar da awa 40 a mako ga ma'aikatan da ba na gona ba, tare da hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. Abin da ya haura awa 40 ƙarin lokaci ne, kuma ana biyan sa da farashi mafi tsada. Lissafin ba shi da wuya. Awa 40 a mako daidai yake da awa 173 da ɗan ɗori a wata. Idan albashinta jika 260 ne, kowace awa ta kama jika ɗaya da rabi, wato dala 300. Ƙarin awa 15 a mako ya kai wajen awa 65 a wata. Ke nan tana bai wa ƙungiyar aikin jika 97 da rabi kyauta kowane wata, tun ma kafin a sa ƙarin da doka ta ɗora a kan awoyin da suka wuce ƙa'ida, wanda ke hauhawa idan an haura awa 48, ko aka yi aikin dare, ko ranar Lahadi da ranakun hutu. Wanda ke matsayin babban ma'aikaci ya fara duba kwantaraginsa, domin wasu an rubuta musu albashi dunƙule da ya haɗa da ƙarin lokaci.

Awa 55 ɗin nan kuma ba adadi ne na banza ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako yana da ƙarin kasadar shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin kasadar mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka kwatanta shi da mai awa 35 zuwa 40.

Amma haɗarin da ya fi kusa da ita ba na asibiti ba ne, na sa hannu ne. Dalilin da ya sa ƙungiyoyi ke raba aikin saye da na karɓa da na ajiya shi ne kada mutum ɗaya ya nemi kaya, ya zaɓi ɗan kasuwa, ya karɓa, ya kuma shaida cewa sun cika. Yanzu duk waɗannan takardu sunanta ne a kansu. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo suka tarar katan goma na abincin yara masu tamowa bai dace da abin da ke rubuce ba, ko da kuskuren ƙidaya ne na daren da ta gaji, babu wanda zai tuna cewa taimako aka roƙe ta ta yi. Kuma idan aka ɗora wa ma'aikaci babban laifi, yana iya fita ba tare da kuɗin sanarwa ko na sallama ba. Wanda aka sallama don rashin kuɗi ya fi shi fita da mutunci da abin hannu.

Haka abin yake ga direba. Idan direbobi huɗu suka koma biyu, wanda ya dawo daga Abalak da yamma shi ne zai tashi Tchintabaraden da asuba. A arewacin jihar, inda ƙa'idar tsaro ta hana tafiyar dare, jinkirin awa biyu wajen tashi yana nufin dole a zaɓa tsakanin gudu da kwana a hanya.

Maganin a takarda yake

Abin da ma'aikaciyar za ta fara yi ƙarami ne: ta sami littafi nata na kanta, ba na ofis ba, ta riƙa rubuta lokacin shiga da na fita da abin da ta yi kowace rana. Mako uku ko huɗu sun isa. Daga nan ta jera ayyukan duka, nata da waɗanda ta gada, kowanne da awoyin da yake ci. Da wannan takarda za ta shiga wurin shugabanta, kuma ba ƙorafi za ta kai ba, tambaya ce: ga ayyuka na awa 55, ga mako mai awa 40, wanne za a sa gaba, wanne za a jinkirta, wanne za a daina? Shugaban da aka ce wa aiki ya yi yawa zai ce a yi haƙuri. Wanda aka ajiye wa jeri a gabansa dole ya zaɓa, kuma zaɓin ya zama nasa. Bayan ganawar ta aika masa da gajeren saƙo a rubuce mai tuna abin da aka tsayar, ta ajiye kofi.

Abu biyu ne bai kamata ta sassauta a kansu ba. Na farko, sabbin ayyukan su shiga takardar bayanin aikinta ko a yi ƙari a kwantaragi, tare da faɗin ko na wucin gadi ne da ranar da za a sake dubawa. Na biyu, a raba sa hannu: idan ita ce ta sayi kaya, wani ne zai shaida karɓarsu, ko da mai lissafin kuɗi ne ko shugaban da kansa. Wannan buƙata ba ta cin ko dala, kuma tana kare shugaban kamar yadda take kare ta, shi ya sa ba kasafai ake ƙin ta ba.

Gaskiya ne ƙungiyar da ta kasa biyan mutum biyu ba lalle ta iya biyan ƙarin lokaci ba. A nan sai a nemi abin da zai yiwu: ranakun hutu a madadin Asabar ɗin da aka yi, rage yawan rahotanni, ko mayar da ƙidayar kaya ta kowane mako zuwa sau biyu a wata. Kuma kada a bar hutun shekara ya taru don nuna ƙwazo. Doka ta ba da kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, kuma mai fargabar kora shi ne ya fi kowa ƙin ɗaukar su. Idan magana ta ƙi ci, akwai wakilan ma'aikata, waɗanda aka fi sani da delege, da doka ta wajabta a wurin da ke da ma'aikata sama da goma, kuma ba a korar su sai da izinin sufeton ƙwadago. Magana ta bakin delege da sunan kowa ta fi aminci a kan ta mutum ɗaya. Bayan su akwai ofishin sufeton ƙwadago na jihar Tahoua, wanda ke sasanta ma'aikaci da mai aiki kafin a kai ga kotu.

Wa zai biyo baya?

Fargabar kora ta fi zafi ne saboda ba ta da rana. Amma a aikin ƙungiyoyi sau da yawa tana da rana, mutum ne bai tambaya ba. Albashin kowane ma'aikaci yana rataye ne a kan kasafin wani shiri, ko a rarrabe a kan biyu ko uku, kuma kowane shiri yana da mai ba da kuɗi da ranar ƙarewa. Tambayar da ta dace a yi wa mai kula da ma'aikata ita ce: kashi nawa na albashina ke kan wane shiri, kuma yaushe zai ƙare? Wanda ya ji cewa kashi 70 na albashinsa yana kan shirin da zai rufe a ƙarshen Disamba ya san yana da watanni kaza na shiri. Wannan ya fi jita-jitar fada amfani. Akwai kuma alamun da ido ke gani: kwantaragin shekara ya koma na wata uku, wanda ya tafi ba a maye gurbinsa, an mayar da motocin haya, an fara ƙidayar kujeru da na'urori ana manna musu lamba.

Sai mutum ya san irin kwantaragin da ke hannunsa, domin a nan ne hanyoyi suka rabu. Mai kwantaragin wa'adi, wato CDD, idan ranar ta cika aikin ya ƙare ke nan, ba a kiran wannan kora. Dokar ta iyakance irin wannan kwantaragi mai tsayayyar rana ga shekara biyu, a sabunta sau ɗaya, don haka wanda aka yi ta sabunta masa shekara da shekaru yana da dalilin zuwa wurin sufeto ya tambayi matsayinsa. Mai kwantaragin dindindin, CDI, shi ne ke da cikakkiyar kariyar sallama don matsin tattalin arziki. Kafin a yi irin wannan sallama dole mai aiki ya kira taro da delege a gaban sufeton ƙwadago, kuma aƙalla kwana 15 kafin taron ya miƙa musu takardun da ke bayyana dalili, da ma'aunin da aka bi, da sunayen waɗanda abin zai shafa. Wanda aka sallama yana da haƙƙin lokacin sanarwa ko kuɗinsa, da kuɗin sallama gwargwadon shekarunsa, da wani ƙari na musamman daidai da albashin wata ɗaya wanda ba a cire masa haraji, sannan har shekara biyu shi ke da fifiko idan za a sake ɗaukar mutum a irin matsayinsa.

Kowa zai iya zama da alƙalami ya lissafa abin da zai fita da shi, ya raba da kuɗin da gidansa ke ci a wata. Amsar ba lalle ta yi daɗi ba, tunda Nijar ba ta da asusun biyan marasa aiki. Amma wanda ya san yana da wata huɗu a hannu ya san abin da zai yi da bashin da yake shirin ci a banki, da zubin adashen da za a gayyace shi, da ginin da ya fara. Yana da kyau kuma ya leƙa CNSS tun yana kan aiki ya tabbatar ana zuba masa kuɗinsa, ya tattara takardun albashi da kofin kwantaragi a gida. Neman su bayan ofis ya rufe ya koma Yamai wahala ce babba.

Kunyar gaisuwa

Ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa shi ne na waɗanda suka tafi. A babban birni mutum zai iya shekara bai haɗu da tsohon abokin aikinsa ba. A Tahoua za su haɗu a masallacin Juma'a, a kasuwar Lahadi, a wurin suna, wataƙila ma matansu ƴan gida ɗaya ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sukan fara kauce wa hanya, ba don ƙiyayya ba, don ba su san abin da za su ce ba. Wanda aka sallama kuwa yana fassara wannan da cewa an guje shi, ko ma ya fara zargin cewa da hannun abokin a fitar da sunansa.

Sanin yadda doka ta tsara jerin yana rage wannan zargi ta ɓangarorin biyu. Ana duba ƙwarewa da iya aiki da daɗewa, kuma wajen lissafin daɗewa ana ƙara wa mai aure shekara ɗaya, da shekara ɗaya a kan kowane yaro da ke wuyansa. Mai shekara shida da bai yi aure ba yana da shida. Mai shekara huɗu da mata da yara uku yana da takwas. Idan ƙwarewarsu ɗaya, na farkon ne zai fita, ko da ya riga zuwa. A ƙungiyoyi ma sau da yawa abin bai kai nan ba: wanda albashinsa ke kan kuɗin Amurka ya tafi, wanda ke kan kuɗin wata ƙasa ya zauna. Ba a auna darajar kowa ba.

Abin da ke amfanar wanda ya tafi sananne ne: a je gidansa a gaishe shi a makon farko, a tura masa sanarwar neman ma'aikata da zarar ta fito, a tuna masa ya karɓi takardar shaidar aiki ya yi rajista a ANPE, kuma idan ofis zai sake ɗaukar mutum a tuna wa shugabanni fifikon nan na shekara biyu. Inda ake samun matsala shi ne taimakon kuɗi. A Adar, inda gida ɗaya kan dogara da mai albashi ɗaya da abin da ƴan cin rani ke aikowa daga Abidjan ko Libiya, wanda ya rage a kan aiki yakan ga masu zuwa ƙofarsa sun ninka cikin wata biyu. Kunya takan sa shi ranta abin da ya san ba zai dawo ba, har ya shiga bashi a daidai lokacin da ya kamata ya yi tanadi. Ya fi sauƙi ya ware adadin da zai iya bayarwa kyauta kowane wata, ya tsaya a kansa, ya faɗi gaskiyar cewa nasa kwantaragin ma yana da rana.

Akwai lokacin da abin ya wuce gajiya. Idan mutum ya yi makonni yana farkawa ƙarfe uku na dare da lissafin ofis, ko ciwon kai ya ƙi barinsa, ko ya fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba, ko ya ji mutanen da yake yi wa aiki a ƙauyuka sun zame masa kaya, jiki ne ke ba da sanarwa. Wasu sukan koma ga shayi mai ƙarfi dare da rana, wasu ga ƙwayar tramol don su iya jure tuƙi ko zaman ofis, kuma wannan hanya ce da ke da wuyar dawowa. Awon hawan jini a gidan likita mafi kusa ko a babban asibitin jiha ba ya ɗaukar minti goma. Idan likita ya ba da hutun rashin lafiya, takardarsa tana dakatar da kwantaragi ne na ɗan lokaci, ba ta yanke shi, kuma ita ma a ajiye kofinta a gida tare da littafin awoyi.